Rubutu Kan Rubutu: Me Ya Sa Fayil ɗin da Aka Danne Ba Ya Dawowa

Goge fayil daga kwamfuta da danne shi da sabon rubutu abubuwa biyu ne mabambanta, kuma yawancin ruɗanin da ake samu a kan batun dawo da bayanai daga haɗa su wuri guda yake tasowa. Fayil ɗin da aka goge sau da yawa yana dawowa, har ma da manhajar kyauta. Wanda aka rubuta wani abu a daidai gurbinsa kuwa ya tafi, ko da sau ɗaya tak aka yi rubutun. Duk da haka an daɗe ana yaɗa cewa hukumomin leƙen asiri da manyan ɗakunan bincike suna da na'urorin da ke tono tsohon rubutu daga ƙarƙashin sabo, wai sai an danne sau bakwai ko sau talatin da biyar kafin hankali ya kwanta. Wannan magana tana da asali, sai dai asalin nata ya tsufa tun da jimawa.

Faifan ajiya na kwamfuta a rarrabe yake zuwa ƙananan gurabe da ake kira sekta. A tsofaffin faifai kowace sekta tana ɗaukar bayit 512, a sababbi kuma 4,096. Ban da waɗannan gurabe, akwai rajistar da tsarin kwamfutar ke riƙewa, wadda ke nuna sunan kowane fayil, girmansa, ranar da aka yi shi, da lambobin guraben da yake zaune. A kwamfuta mai Windows ana kiran tsarin NTFS, rajistar kuma MFT. Idan mutum ya goge fayil ya kuma zazzage Recycle Bin, abin da kwamfutar ke yi kaɗan ne: ta yi wa layin fayil ɗin alama a rajista cewa ba a amfani da shi, ta mayar da gurabensa cikin jerin waɗanda ba kowa. Ba ta taɓa abin da ke cikin guraben. Shi ya sa goge fim mai gigabayit huɗu yake ɗaukar ƙiftawar ido, alhali kwafarsa ta ɗauki mintuna.

A ɗauki hoto mai megabayit 3 a kan faifan maganaɗisu na waje, irin wanda ake jonawa da waya. Idan an tsara faifan da gurabe masu bayit 4,096, hoton zai ci gurbi 768. An goge shi da safe. Muddin ba a ajiye komai a faifan ba, manhaja irin su Recuva za ta karanta tsohon layin rajista ta bi lambobin ta kwaso gurabe 768 cif, hoton ya dawo lafiya. Ko rajistar ta lalace, manhaja irin su PhotoRec za ta bi faifan gurbi-gurbi tana neman alamar da kowane hoton JPEG ke farawa da ita, wato `FF D8 FF`, ta ɗebo abin da ke biye.

To a ce da rana an zuba wani bidiyo a faifan, kwamfutar kuma ta ga waɗancan guraben ba kowa, ta ɗora bidiyon a kan 400 na ƙarshe daga cikinsu. Manhajar dawo da fayil za ta iya nuna sunan hoton har yanzu, da girmansa da ranarsa, saboda layin rajista bai mutu ba. Amma idan aka buɗe, sai a ga saman hoton ya fito, ƙasansa kuma toka-toka ko zane-zanen launi marasa ma'ana. Gurabe 368 da ba a taɓa ba sun dawo. Sauran 400 ɗin bidiyo ne a cikinsu yanzu, kuma babu manhajar da za ta karanta abin da ba ya nan. Wannan rabin hoton da masu gyaran waya da kwamfuta suka saba gani shi ne mafi bayyanar shaida ta iyakar da ke tsakanin gogewa da dannewa. Shi ne kuma dalilin da ya sa shawara ta farko ga wanda ya goge abu bisa kuskure ita ce ya daina amfani da faifan nan take, kada ma ya ɗora manhajar cetowa a kansa.

Abin da ke faruwa a jikin faifan

Mutane da yawa suna ɗaukar rubutun faifai kamar fenti a bango: an shafa sabo a kan tsoho, wanda ya iya kankarewa a hankali zai ga launin da ke ƙasa. Faifan maganaɗisu ba haka yake ba, domin ba a ƙara masa komai lokacin rubutu. Farantin da ke jujjuyawa a ciki an lulluɓe shi da siririn shafi na ƙarfe mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kowace ba ta wuce nanomita goma ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kowace ƙwaya tana da alkiblar maganaɗisu, ko sama ko ƙasa. Rubutu shi ne kan na'urar ya wuce ta saman wurin ya tilasta wa ƙwayoyin fuskantar alkiblar da ake so. Ƙwayar da jiya take kallon sama, yau aka juya ta ƙasa, ba ta da wani ɓangare da ya rage yana kallon sama. Abin da ya riƙe tsohon bayani shi ne dai ya riƙe sabon. Babu shafi na biyu a ƙarƙashi.

Saboda haka babu wata manhaja, komai tsadarta, da za ta dawo da sektar da aka danne. Manhaja tambayar faifan take yi me ke cikin gurbi kaza, faifan kuma ya ba ta abin da ke wurin yanzu. Duk gardamar da ake yi ta shafi mataki na gaba ne: idan aka fasa faifan a ɗakin bincike aka ciro farantin, aka auna ƙarfin maganaɗisun kai tsaye ba tare da bi ta kwakwalwar faifan ba, shin za a ga burbushin tsohon rubutu?

Takardar 1996

Asalin wannan tambaya yana komawa ga Peter Gutmann, masanin tsaron kwamfuta a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand. A watan Yulin 1996 ya gabatar da takarda a taron tsaro na USENIX a birnin San Jose na jihar Kalifoniya, inda ya kawo hanyoyi biyu da burbushi zai iya saura. Ta farko ita ce ƙarfin siginar. A bayaninsa, idan aka rubuta ɗaya a kan sifili, abin da ake samu ya fi kusa da 0.95, idan kuma aka rubuta ɗaya a kan ɗaya, ya fi kusa da 1.05. Faifan zai karanta dukansu a matsayin ɗaya, amma mai na'urar awo mai kaifi zai iya cire siginar da ta kamata a samu daga wadda aka samu, abin da ya rage ya nuna masa tsohon rubutu. Ta biyu ita ce gefen layi. Kan na'urar ba ya sauka daidai wa daida a kan layin da ya bi a baya, yakan ɗan kauce, don haka siririn tsohon rubutu yana iya leƙowa ta gefe, a gan shi da madubin bincike mai bin ƙarfin maganaɗisu.

Maganin da ya bayar shi ne dannewa sau 35: huɗu na farko da lambobin barkatai, 27 na tsakiya da tsararrun lambobi, huɗu na ƙarshe kuma barkatai. Abin da masu yaɗa wannan adadi suka manta shi ne dalilin 27 ɗin nan. A lokacin akwai hanyoyi daban-daban da faifai ke bi wajen mayar da bayanai zuwa alamun maganaɗisu, irin su MFM da nau'o'in RLL, kuma mai gogewa ba lallai ya san wacce faifansa ke bi ba. Sai Gutmann ya tattara maganin kowace hanya a jeri guda. Babu faifan da ya taɓa buƙatar duka 35 ɗin. Waɗannan hanyoyin ma sun riga sun fara fita daga kasuwa a lokacin da takardar ta fito. Shi kansa marubucin daga baya ya ƙara bayani a ƙarshen takardar, ya koka cewa mutane sun mayar da adadin tamkar surkulle maimakon sakamakon nazari, ya ce a faifan zamani yin duka 35 ɗin ba shi da amfani, 'yan dannewa da lambobin barkatai shi ne iyakar abin da za a iya yi, kuma damar a ceto abin da aka danne daga irin waɗannan faifai ta kusa zama babu.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi game da takardar: hasashe ne na abin da zai iya yiwuwa, ba rahoton fayil da aka dawo da shi ba. A 2003 Daniel Feenberg na cibiyar binciken tattalin arziki ta NBER a Amurka ya bi madogaran da takardar ta ambata ɗaya bayan ɗaya, ya nuna babu wadda ta kawo misalin bayanai masu ma'ana da aka karanto daga ƙarƙashin sabon rubutu. Akwai hotunan madubi da ke nuna burbushi a gefen layi, amma ganin burbushi daban, karanta wasiƙa daga cikinsa daban.

Faifan ma ya sauya ƙwarai tun daga wancan lokaci. A 1996 faifan kwamfutar gida bai cika wuce gigabayit ɗaya ko biyu ba. Na yau yana ɗaukar dubban gigabayit a faranti mai faɗi iri ɗaya. Layukan sun matse har faɗin kowanne bai kai nanomita ɗari ba, kan na'urar kuma yana bin alamun saiti da aka dasa a jikin farantin, don haka filin da tsohon rubutu zai ɓuya a gefe ya kusa ƙarewa. Daga 2005 aka koma rubutun tsaye, inda alkiblar ƙwayoyin take sama da ƙasa maimakon kwance. Sannan siginar ta yi rauni sosai, har faifan da kansa ba ya karanta kowane bit kai tsaye. Lissafi yake yi ya zaɓi jerin lambobin da ya fi dacewa da abin da ya ji, hanyar da ake kira PRML, sannan ya gyara kurakurai da ƙarin lambobin da ya ajiye don haka. Idan rubutun da ke sama, mai cikakken ƙarfi, sai da wannan wahala ake karanta shi, to ragowar da ke ƙarƙashinsa ta nutse cikin hayaniyar siginar.

Lissafin sa'a

A 2008 Craig Wright da Dave Kleiman da Shyaam Sundhar sun wallafa sakamakon gwajin da suka ce sun yi na karanta rubutun da aka danne sau ɗaya. Sun ba da rahoton cewa a sabon faifan da ba a taɓa amfani da shi ba, damar cankar bit guda daidai ta kai kashi 92 cikin ɗari, a faifan da ya sha aiki kuma kashi 56. Gutmann ya soki hanyar binciken da kakkausar murya, don haka bai kamata a ɗauki waɗannan alƙaluma tamkar hukuncin ƙarshe ba. Amfaninsu a nan shi ne su nuna yadda lissafin yake tafiya ko da an yarda da su.

Bit ko dai sifili ne ko ɗaya, saboda haka wanda ya rufe ido ya yi canke zai dace kashi 50 cikin ɗari. Kashi 56 ya ɗara wannan da kaɗan ne kawai. Harafi guda na rubutu bit takwas ne, kuma sai duka takwas sun yi daidai harafin zai fito. Idan aka ninka 0.56 da kansa sau takwas, ana samun ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Wato a cikin haruffa ɗari, da ƙyar guda ya fito daidai, kuma babu alamar da za ta nuna wanne ne. Ko da adadi mai kyau na kashi 92 aka yi aiki, damar harafi guda kusan rabi ce. Lambar waya mai alƙaluma goma sha ɗaya bit 88 ce, damar ta fito cikakkiya kuwa kusan ɗaya ce cikin 1,500. Hotuna da bidiyo da takardun ofis na zamani sun fi haka rauni, domin a matse ake ajiye su, kuskure kaɗan a farko yakan ɓata duk abin da ya biyo baya. Faifai mai terabayit ɗaya yana ɗauke da bit tiriliyan takwas, kuma mai binciken bai ma san a wane lungu abin da yake nema yake ba, tunda rajistar da za ta gaya masa ita ma an danne ta.

Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta tsaya a kan wannan matsayi a jagoranta mai lamba SP 800-88. Bugun 2006 ya ce a faifan ATA da aka ƙera bayan 2001, masu girman da ya wuce gigabayit 15, dannewa sau ɗaya ta wadatar. Bugun 2014 ya maimaita cewa dannewa ɗaya da lamba tsayayyiya kamar sifili takan hana ceto bayanai daga faifan maganaɗisu ko da da kayan ɗakin bincike na zamani. Ƙa'idar ma'aikatar tsaron Amurka mai lamba 5220.22-M, wadda manhajojin gogewa ke tallata sunanta da dannewa uku ko bakwai, ta fito ne daga bugun shekarun 1990, kuma bugun da suka biyo baya sun cire wannan tsari. Gaskiya ne cewa hukumomin da ke riƙe da manyan asirai sun fi son a kashe maganaɗisun faifai ko a niƙa shi. Amma wannan ba hujja ba ce cewa suna karanta abin da aka danne. Faifan da ya lalace ba ya karɓar rubutu, akwai lungunan da rubutu ba ya kaiwa, ma'aikaci yana iya kuskure, kuma niƙaƙƙen faifai kowa na iya tabbatar da shi da ido.

Labaran ban mamaki na kamfanonin ceto bayanai su ma suna ƙara wa tatsuniyar ƙarfi. Lokacin da kumbon Columbia ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairun 2003, an tsinci wani faifai a ƙone a jihar Texas, kuma kamfanin Kroll Ontrack ya ceto kusan kashi 99 cikin ɗari na bayanan gwajin kimiyya da ke cikinsa. Aiki ne na ƙwararru, amma bayanan suna nan a kan farantin, babu wanda ya rubuta komai a kansu. Wuta da faɗuwa sun lalata akwatin da na'urorin karatu, ba su juya alkiblar ƙwayoyin ba. Haka ma binciken Simson Garfinkel da Abhi Shelat na jami'ar MIT da aka wallafa a 2003: sun sayi tsofaffin faifai 158 a kasuwar 'yan gwanjo, 129 suna aiki, 12 kacal aka goge yadda ya kamata, kuma sun samu dubban lambobin katin banki. Ba su yi amfani da madubi ba. Masu faifan gogewa kawai suka yi ko fomatin, ba su danne ba.

Inda rubutun bai kai ba

Duk da haka akan samu fayil ya dawo bayan mai shi ya rantse ya danne shi. Idan aka bincika, kusan kullum amsar ɗaya ce: sabon rubutun bai sauka a inda tsohon yake ba, ko kuma akwai kwafi a wani wuri.

Misali mafi yawa shi ne ajiye sabon fayil da sunan tsoho. Mutum ya buɗe takarda a Word, ya share abin da ke ciki, ya danna Save, ya ɗauka ya danne. Manhajoji da yawa ba haka suke aiki ba. Sukan rubuta sabon a wani gurbi daban da sunan wucin gadi, su goge tsohon, sannan su ba sabon sunansa, don kada ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ta ɓata duka biyun. Tsohuwar takardar tana nan kwance a gurabenta, gogaggiya amma ba dannanniya ba. Wasu tsare-tsaren ajiya, kamar Btrfs da ZFS, da gangan aka gina su kada su rubuta a kan tsohon gurbi. Ga kuma kwafin da kwamfuta ke yi ba tare da an tambaye ta ba: ƙananan hotunan da take nunawa a jaka, tsofaffin sigogin fayil da Windows ke adanawa, abin da ya zubo daga ƙwaƙwalwar aiki zuwa `pagefile.sys` da `hiberfil.sys`, da wanda ya riga ya hau Google Drive ko ya tafi wayar wani ta WhatsApp. Danne fayil guda ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Faifan da kansa yana da nasa lungunan. Idan sekta ta fara lalacewa, yakan janye ta daga aiki ya ba da wata daga ajiyarsa a madadinta, tsohuwar kuma ta zauna da abin da ke cikinta inda rubutun yau da kullum ba ya isa. Ana ganin yawansu a bayanan lafiyar faifai na SMART, a layin da aka rubuta Reallocated Sectors Count. Yawanci 'yan kaɗan ne, amma a faifan asibiti ko banki kaɗan ɗin ma abin dubawa ne.

Babban gibin yana wajen SSD da filashi da katin memori. Waɗannan ba su da maganaɗisu, caji suke riƙewa a ƙananan ɗakuna, kuma suna da wata ɗabi'a: ba a iya rubutu a kan shafin da ke da rubutu sai an wanke shi, wankin kuma ba a yi wa shafi guda sai babban rukuni mai shafuka da yawa. Kowane rukuni yana da iyakar wankin da zai jure. Don haka idan kwamfuta ta ce a danne gurbi kaza, kwakwalwar na'urar sai ta rubuta sabon a wani shafi mai tsabta, ta gyara taswirarta, ta bar tsohon shafin sai ranar da ta zo wanke rukuninsa. Kwamfutar tana ganin an danne, amma tsohon yana cikin guntun lantarkin. Ban da haka na'urar tana da ƙarin wuri da ta ɓoye don wannan juyi, wanda kwamfuta ba ta gani. A 2011 Michael Wei da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun ciro guntayen daga jikin na'urori suka karanta su kai tsaye. Sun samu cewa danne fayil guda a SSD yana barin tsakanin kashi 4 zuwa 75 cikin ɗari na abin da ke cikinsa, kuma maimaita dannewar da tsare-tsare irin na Gutmann bai magance matsalar ba. Sun kuma ci karo da na'urar da ta ce ta gama goge kanta alhali bayanan suna nan. Wannan bai rushe ƙa'idar ba, tabbatar da ita ya yi: shafin da aka wanke aka sake rubutawa ya tafi, wanda ya tsira shi ne wanda ba a taɓa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, umarnin TRIM yana sa SSD ta wanke shafukan fayil ɗin da aka goge da kanta, shi ya sa wanda ya yi kuskuren gogewa a sabuwar kwamfuta yakan rasa abinsa cikin ɗan lokaci ko da bai ajiye komai ba.

Yadda ake yi a aikace

Ga faifan maganaɗisu da za a sayar ko a kyautar, abin da ya dace shi ne a danne shi gaba ɗaya sau ɗaya, ba fayil-fayil ba. A Windows, fomatin da aka cire wa alamar Quick Format yana rubuta sifili a dukan ɓangaren tun daga Windows Vista, mai alamar kuwa sabuwar rajista kawai yake shimfiɗawa. Umarnin `clean all` a cikin `diskpart` yana cika faifan duka da sifili. A Linux ana yin haka, inda `sdX` ke tsaye a madadin sunan faifan, kuma kuskuren harafi guda a nan yana shafe faifan da ba a nufa ba:

```
dd if=/dev/zero of=/dev/sdX bs=1M status=progress
hexdump -C /dev/sdX
```

Layi na biyu shi ne tabbatarwa. Idan aikin ya kammala, abin da zai fito shi ne layi guda na sifili, sai alamar `*`, sai lambar ƙarshen faifan. Duk wani abu da ya bayyana a tsakani yana nufin akwai wurin da rubutun bai kai ba. Faifai mai terabayit ɗaya da ke rubuta megabayit 120 a daƙiƙa zai ɗauki awa biyu da kusan minti ashirin. Sau 35 zai haura awa 80, fiye da kwana uku ba tsayawa, kuma a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, aikin da ya katse a tsakiya ya fi zama haɗari na gaske a kan madubin da ba a taɓa nuna ya karanta fayil ba. Lokacin da za a ɓata a dannewa ta biyu gara a kashe shi wajen karanta faifan don tabbatar da ta farko.

Ga SSD, hanyar ita ce umarnin gogewa na cikin na'urar, wanda ake samu da sunan Secure Erase ko Sanitize a manhajar kamfanin da ya ƙera ta, domin shi ne ke kaiwa ga ɓoyayyun shafuka, sannan a duba bayan an gama. Mafi sauƙi kuma shi ne a ce tun farko an kulle bayanan da mabuɗin sirri, kamar yadda BitLocker ke yi. Idan aka lalata mabuɗin, duk abin da ya saura a lunguna ya zama tarkacen lambobi. Wayoyin iPhone da na Android na 'yan shekarun nan haka suke aiki, shi ya sa mayar da su yadda suka fito daga kamfani yake gamawa cikin mintuna kuma ya wadatar. Katin memorin da ke cikin wayar yawanci ba ya cikin wannan kulle, kuma fomatin ɗin da waya ke yi masa rajista kawai yake sharewa. Wanda zai sayar da waya a kasuwar 'yan hannu ya fi dacewa ya cire katin ya riƙe. Idan dole ne katin ya tafi, a cika shi maƙil da bayanan banza, a goge, a sake cikawa, domin binciken San Diego ya nuna cika na'urar gaba ɗaya sau biyu yakan kai ga yawancin shafukan da ke ɓoye, ko da yake ba kullum ba. Katin da ya taɓa ɗaukar abin da fitarsa zai yi babbar illa, araharsa ta sa farfasa guntun da ke cikinsa ya fi kowace manhaja tabbas.